Rarar kaya daga Zariya zuwa Legas: jirgi, kamfani ko tasha?

Jirgi nauyi yake cajin kuɗi a kai, tasha kuwa girman kaya take dubawa. Kamfanin aika saƙo yana auna duka biyun, ya ɗauki wanda ya fi yawa. Wannan bambancin ne ya rage min kuɗi lokacin da zan je Legas barkar haihuwar ƙanwata.

Mu mutanen Zariya sai mun je Kano ko Kaduna muke hawa jirgin fasinja, don haka duk abin da za a gyara a kaya gara a gyara shi tun a gida. Wanda sikeli ya kama a filin jirgi ba shi da zaɓi, ko ya biya ko ya bar kayan. Tikitina kilo 20 ya ba ni, ban da ƙaramar jakar hannu. Na kai kayan wurin wani mai sikeli a kasuwar Sabon Gari, suka tashi kilo 38. Akwai wake, garin kunu, kuka, daddawa da yaji na mai jego, sai bargo, filo da kayan jariri, ga kuma tufafina. Rarar kilo 18 ke nan.

Na kira kamfanin jirgin, aka ce kowane kilo na rara naira 2,000 ne a lokacin, wato 36,000. Farashin nan yana sauyawa, kuma kowane kamfani da nasa, saboda haka a tambaya a makon tafiya.

Daga nan na nufi wani kamfanin aika saƙo da kwali guda, na cusa bargo da filo da rabin kayan abincin, kilo 18 cif. Ma'aikaciyar ta ɗora a sikeli, sannan ta ɗauko awo ta gwada kwalin: tsawo santimita 60, faɗi 50, tsayi 40. Ta ce, "Hajiya, kilo 24 za ki biya." Na ce, "Malama, ai 18 na gani da idona." Ta nuna min lissafin a takarda. Ana ninka awon uku, a samu 120,000, a raba da 5,000, ya ba da 24. Dalilinsu shi ne kwali mai girma yana cin wurin da wani kaya zai zauna, ko da iska ce a ciki. Wasu masu jigilar kaya ta jirgin sama kuwa da 6,000 suke rabawa, kwalin nan ya zama kilo 20 a wurinsu. Ko ta yaya dai, bargo da filo su ne suka kumbura kuɗin, kuma abin da ta faɗa min bai yi ƙasa da na jirgi sosai ba.

Sai na koma gida na sake rabon kayan. Duk abu mai girma marar nauyi na mayar da shi akwatin jirgi, tunda can ba ruwansu da kumburi muddin akwatin bai wuce girman da suka ƙayyade ba. Bargo, filo, kayan jariri da tufafi suka tsaya a kilo 19. Na bar ratar kilo ɗaya da gangan, domin sikelin kasuwa da na filin jirgi ba lalle su zo daidai ba. Wake, gari da sauran masu nauyi suka shiga ƙaramin buhu, na ninka leda a ciki saboda ruwa da ƙamshin daddawa, na ɗinke bakin.

A tashar motar Kwangila ba wanda ya auna buhun. Ɗan kamasho ya ɗaga shi, ya ce 12,000, muka daidaita a 8,000. Na rubuta sunan mijin ƙanwata da lambarsa a jikin buhun, na karɓi rasit, lambar direba da lambar mota, na kuma ɗauki hoton buhun. Kada a manta da kuɗin ɗauko kaya a can, domin a tasha ake sauke su, ba a ƙofar gida ba. Mijin ƙanwata ya kashe 5,000 zuwa da dawowa, ni na ba mai Keke 1,000. Jimla 14,000, maimakon 36,000.

Arhar tasha tana da iyaka. Buhun ya yi kwana biyu kafin ya isa, kuma idan ya ɓata, biyan diyya sai an kai ruwa rana. Shi ya sa magani, takardu, zinare da duk abin da zai fashe ko ya lalace ba na ba direba. Kuma da rarar kilo 4 ce kawai, 8,000 zan biya a filin jirgi in wuce, tunda kai wa tasha da ɗaukowa kaɗai sun ci 6,000 kafin a zo kan kuɗin direba.