Abin da ya sa haɗama ta kayar da mu a tambayar tsalle

'Yan uwa, tun daren Alhamis da muka tashi daga zamanmu a nan Jidda abin nan yake raina, na ce bari in rubuta muku tun ban manta ba, don ni ne na nace mu yi amfani da dabarar haɗama, wato giridi, kuma ita ce ta faɗi a gwaji.

Ku tuna yadda tambayar take. An ba mu jerin lambobi `a`, lambar kowane gida ce ke faɗin nisan tsalle daga gare shi, kana tsaye a gida na 0 kana son ka kai gidan ƙarshe da tsalle mafi ƙaranci. Tunanin farko da ya zo mana shi ne kullum ka yi tsalle mafi nisa, to wannan kam ko a sananniyar tambayar, wadda lambar gida iyakar tsalle ce kawai, ba ya aiki. Ɗauki `[2, 3, 1, 1, 4]`. Mai haɗama zai dira gida na 2, can lambar 1 ce, ya taka na 3, ya taka na 4, tsalle uku ke nan. Wanda ya haƙura ya taka gida na 1 zai tarar da 3, ta kai shi ƙarshe, biyu kacal.

Sai na ce to a gyara, a riƙa leƙa gaba, a zaɓi gidan da `j + a[j]` ɗinsa ya fi girma. Kuma gaskiya wannan gyaran yana aiki a sananniyar tambayar, inda in lambar gida 4 ce kana da damar yin tsallen 1 ko 2 ko 3 ko 4. Dalili kuwa, gidajen da za ka iya kaiwa a manne suke babu giɓi, duk wanda ya kai nesa to na bayansa ma suna hannunsa, bai rasa komai ba.

Matsalar ita ce tamu ba haka take ba, kuma layi ɗaya ne na karanta da gaggawa. A tamu zaɓi biyu ne kawai, ko ka taka gida ɗaya, ko ka yi tsalle daidai `a[i]`, ba ragi ba ƙari.

Bayan isha'i na zauna da biro a bayan rasit ɗin kanti, shayina har ya huce, na zana gidaje tara: `[4, 1, 6, 1, 2, 1, 1, 1, 0]`. Daga 0 mai leƙen gaba yana ganin gida na 1 zai kai shi 2 ne kawai, gida na 4 kuwa zai kai shi 6, sai ya zaɓi 4. Daga nan 6, 7, 8, tsalle huɗu. Amma 0, 1, 2, sannan 6 ɗin nan da ke gida na 2 ta ɗauke ka ta dire a 8, uku. Da ya tsallake gida na 2 shi ke nan ya wuce shi, babu komawa baya, kuma ko an ƙara masa leƙen taki biyu sai in matsar da 6 ɗin gaba kaɗan in tsawaita jerin, ya sake faɗawa.

Shi ya sa muke buƙatar dainamik furogiramin. Ba ka yanke hukunci tun a gida na 0, sai dai ka ajiye wa kowane gida amsarsa, `dp[i]` shi ne tsalle mafi ƙaranci da zai kawo ka `i`.

```python
n = len(a)
dp = [float("inf")] * n
dp[0] = 0
for i in range(n - 1):
    for j in (i + 1, i + a[i]):
        if j < n:
            dp[j] = min(dp[j], dp[i] + 1)
```

Tunda gaba kawai ake tafiya, kafin mu iso `i` duk hanyoyin shigarsa an gama duba su, amsarsa ta zauna. Kuma ba tsada, zaɓi biyu a kowane gida, `O(n)` ne.

Abin da ya fi tsaya min shi ne teburin da ya fito: `[0, 1, 2, 3, 1, 2, 2, 3, 3]`. Ku dubi gida na 3 da na 4 da kyau, na 3 sai da tsalle uku, na 4 da ke gabansa tsalle ɗaya. A sananniyar tambayar wallahi ba za ka taɓa ganin haka ba, lambobin ba sa sauka, kuma a kan wannan ne giridi ya jingina. In kun ga teburi yana hawa yana sauka, nisa ya daina nufin kusanci da amsa.

Ƙaninmu da ya ce ai `BFS` ma zai yi, gaskiyarsa, tunda kowane tsalle farashinsa ɗaya. Na fi son teburin ne don in gobe aka sa wa kowane tsalle kuɗinsa, `+ 1` ɗin kawai za mu canza. Ranar Asabar in sha Allah zan zo da ƙaramin kod da zai ƙirƙiro gajerun jeri barkatai, gida takwas zuwa goma, ya gwada giridi da `dp` a kansu, ya tsaya a jerin farko da suka saɓa.