Talata: takardar haihuwa daga Maraɗi

Da hantsi maƙwabcina ya zo da ƙanwarsa in fassara mata takardar haihuwarta. Mijinta yana Amurka, ana haɗa mata takardun bin sa, kuma hukumar shige da fice ta can ba ta karɓar takardar Faransanci sai da cikakkiyar fassarar Turanci. Shafi ɗaya ne tak, amma ya cinye mini yinin.

Na fara da shimfiɗar shafin. Sunan Jamhuriyar Nijar a sama, kirarin ƙasar a ƙarƙashinsa, jiha da gunduma a gefen hagu, duk na ajiye kowanne inda yake a asali, domin jami'in da ba ya jin Faransanci ya jera takardun biyu ya bi su layi-layi da yatsa. Sunaye ban taɓa su ba, Ousmane ya zauna Ousmane, ban mayar da shi Usman ba. Ranar da aka ba da takardar, 03/04/2019, na rubuta watan Afrilu da haruffa, don Ba'amurke wata yake fara karantawa, sai ya ɗauka 4 ga Maris ne.

Inda muka daɗe shi ne layin haihuwar. An rubuta née vers 1994, wato an haife ta wajajen 1994, babu rana babu wata. Daga ƙasa kuma an ambaci jugement supplétif, hukuncin kotu da ke tsayawa a madadin rajistar haihuwa idan iyaye ba su kai rahoto a kan lokaci ba. Fasfonta kuwa 1 ga Janairu 1994 yake ɗauke da shi.

Ta ce, "Malam, don Allah ka sa ɗaya ga Janairun mana, su zo daidai."

Na ce, "Hajiya, abin da ba ya cikin takarda ba zan sa ba. Asalin yana manne da fassarar, duk wanda ya duba zai gani, kuma daga nan za a fara zargin sauran takardunki." Na rubuta born around 1994, na ba ta shawara ta nemo kwafin hukuncin kotun mu fassara shi ma, shi zai yi bayanin giɓin. Ranta bai so ba, na kuma fahimce ta.

Hatimai uku ne. Zagayayyen na ofishin magajin gari ya fito sarai, na bayyana siffarsa na fassara rubutun ciki. Na kan kan-sarkin haraji tawada ta cuɗe, na haska shi da fitilar waya, rabi ya karantu, sauran na rubuta illegible, ban yi cinta ba. Na ukun shi ne na shaidar cewa kwafin ya yi daidai da asali. Gurbin bayanan gefe da aka rubuta néant na sa none.

Bayan la'asar na rubuta shaidata a ƙasa, cewa na iya harsunan biyu kuma fassarar cikakkiya ce daidai, na sa hannu da kwanan wata. Yayanta zai tafi Maraɗi ranar Alhamis neman hukuncin.