Yadda rauta biyu suka raba mini shago gida biyu

Ina da shagon buga takardu da rajistar jarrabawa a wajen Ƙofar Ƙaura, ciki da falo. Intanet ɗinmu na zuwa ne ta rauta mai cin sim, wadda ke ajiye a falo kusa da taga, don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Matsalar ita ce bangon da ke tsakani na bulo ne mai kauri, waifai ba ya kai wa ɗakin ciki sai da kyar. Sai na sayo rauta ta biyu, na ja waya daga ta farko, na cusa a ramin da aka rubuta wa WAN, wato ramin da intanet ke shigowa daga waje, tun da shi kaɗai ne mai launi daban kuma takardar kwalin haka ta nuna. Nan take intanet ya kawo a ciki. Na mayar da babbar firinta can, na haɗa ta da sabuwar rautar, na ce shi ke nan.

Washegari yarinyar da ke min aiki a falo ta ce, "Oga, firinta ta ɓace." Ga firinta a kunne, ga kwamfutar ciki tana bugawa lafiya lau, amma kwamfutoci biyun falo sun ce ba su san da ita ba. Kwana uku muna jigilar takardu a filash daga falo zuwa ciki, ga layin ɗalibai har bakin ƙofa. Na sake saka manhajar firintar sau biyu, na canza waya, har na fara zargin wanda ya sayar min da rautar, alhali bawan Allah bai yi komai ba.

Ƙanen wani abokina ne, mai aikin haɗa kwamfutoci, ya leƙo bayan la'asar. Bai ko kalli firintar ba. Ya buga `ipconfig` a kwamfutar falo don ganin adireshinta, ta nuna 192.168.0.101. Ya shiga ciki ya buga a ta can, ta nuna 192.168.1.100. Ya ce, "Yaya, ai gida biyu gare ka a shago ɗaya. Dubi lamba ta uku, nan sifili, can ɗaya."

Bayanin da ya yi min shi ne wannan. Kowace rauta tana yin wani aiki da ake kira NAT: tana raba wa na'urorin da ke bayanta adireshin cikin gida, in za su fita waje kuma ta sauya musu da nata adireshin guda ɗaya. Kamar mai gadi ne a zaure da ke rubuta sunan duk wanda ya aika saƙo waje. In amsa ta dawo, ya san ɗakin da zai kai. Amma baƙon da ya zo haka kawai, ba wanda ya aika a kira shi, ba ya wuce zauren. Da na cusa waya a ramin WAN, na gina zaure na biyu ke nan a cikin na farko. A idon sabuwar rautar, falon shagona waje ne, daidai yake da titi. Kwamfutar ciki na iya fita ta zaure biyun ta dawo, shi ya sa intanet bai taɓa nuna wata alama ba. Ita kuwa kwamfutar falo da ke neman firinta baƙuwa ce, kuma kiran da take yi na neman firintoci ma ba ya tsallake rauta.

Don ya tabbatar min, ya buga wannan a kwamfutar ciki:

```
tracert -d 8.8.8.8
```

Layin farko ya nuna 192.168.1.1, na biyu 192.168.0.1, wato rautocina biyu a jere kafin saƙo ya bar shago. Ya ce kada in dogara da wannan kaɗai, don kamfanonin layi ma suna amfani da irin waɗannan adireshi a cikin hanyoyinsu. Shaidar da ba ta da gardama tana shafin sabuwar rautar, inda aka rubuta adireshin WAN. Mun buɗe, muka ga 192.168.0.103. Duk adireshin da ya fara da 192.168, ko da 10, ko daga 172.16 zuwa 172.31, na cikin gida ne, kuma wannan dai a fili yake tsohuwar rautar ce ta ba ta shi.

Aka kira magariba ya tafi, ya bar min matakan gyara a baki. Ni kuma da gaggawata na fara da kashe DHCP, wato abin da ke raba adireshi, rautar ta sake tashi, kwamfutar ta rasa mai ba ta adireshi, shafin rautar ya ƙi buɗuwa. Na kulle kaina a waje. Sai da na samo allurar ɗinki na danna ɗan ramin RESET na kusan daƙiƙa goma, komai ya koma yadda ya fito daga kwali.

A karo na biyu na bi a hankali. Na cire wayar da ta taho daga falo, na bar kwamfuta ɗaya kawai a jikin rautar. Na duba tsohuwar na ga tana raba adireshi daga 192.168.0.100 zuwa sama, saboda haka na ba sabuwar 192.168.0.2, lambar da ba za a taɓa ba wa wani ba. Na shiga ta sabon adireshin, sannan na kashe DHCP. Daga nan na mayar da wayar falo, amma a ɗaya daga cikin ramukan LAN, wato na na'urorin cikin gida, na bar WAN fayau. Na kashe firinta da kwamfutoci na kunna, kowa ya karɓi adireshi mai farawa da 192.168.0, firinta ta bayyana a falo kafin in zauna. Daga baya na ga ashe rautar tana da zaɓin Access Point a shafinta, wanda ke yin duk wannan da danna ɗaya.

Akwai wata hanyar, a mayar da ta farko modam zalla ta Bridge Mode, ta biyun ta riƙe ragamar komai. Ta fi dacewa da wanda sabuwar rautarsa ta fi tsohuwar inganci. Tawa mai cin sim ba ta da wannan zaɓin, kuma ko da tana da shi, falo ne zai rasa waifai.

Abu ɗaya ne gyaran bai warware ba. Ina da kyamarorin tsaro da nake son in riƙa kallo daga gida ta hanyar Port Forwarding, wato a buɗe wa mai zuwa daga waje ƙofa a rauta, na kuma ɗauka zaure biyun ne suka hana. Na saita komai daidai, shiru. Na kira yaron, ya ce in karanto masa adireshin WAN na tsohuwar rautar. Na ce ya fara da 100.72. Ya yi dariya ya ce, "Wannan zauren ba naka ba ne, Yaya." Adireshin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 an ware su ne don kamfanonin layi su haɗa masu sim da yawa a bayan adireshi guda, wato nasu NAT ɗin a saman nawa. Ba abin da zan taɓa a shago da zai buɗe wannan ƙofar, sai dai in nemi adireshi nawa na kaina a wurin kamfanin in suna bayarwa. Na haƙura na koma manhajar kyamarar, wadda na'urar ce da kanta ke fita ta nemi sabar masu ita, wayata kuma ta same ta a can. Hoton yakan ɗan makara, amma ina ganin wanda ya buɗe shago da safe.