Talata: sifirin da ke cikin jadawalin kyamarori

Yinin yau ya tafi ne kan babin hanyoyin bincike na wata ɗaliba mai digiri na biyu, wadda ta girka kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a cikin daji domin ta kiyasta yawan wuraren da gada ke amfani da su. Aikinta na fili ba shi da aibu, amma a daftarin ta rubuta cewa za ta raba adadin kyamarorin da suka ɗauki gada da jimillar kyamarori, ta kira sakamakon rabon wuraren da dabbar take. Wannan jimla ɗaya ce ta zaunar da mu tun hantsi, domin tana ɗaukar kowane sifiri, wato kyamarar da ba ta ɗauki gada ba, a matsayin shaidar cewa babu gada a wurin, alhali kyamara na iya yin makonni a gefen hanyar dabba ba ta kama ta ba.

Sifiri a irin wannan jadawali yana da tushe biyu. Ko dai dabbar ba ta wurin, ko kuwa tana nan amma ta bi ta bayan bishiyar da aka ɗaura kyamarar, ko ta wuce da sauri kafin na'urar jin zafi da motsi ta tashi. Samfurin da MacKenzie da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Ecology a 2002 an gina shi ne domin raba waɗannan biyun. Yana da ma'auni biyu: ψ, wato yiwuwar dabbar tana zaune a wuri, da p, wato yiwuwar a gan ta a zagaye ɗaya na sa ido idan har tana nan. Abin da ke ba da damar raba su shi ne maimaita sa ido a wuri guda, kuma da kyamara ana samun maimaicin ne ta hanyar yanka kwanakin aikinta zuwa zagaye-zagaye. Kowane wuri sai ya sami tarihinsa na gani, jerin ɗaya da sifiri. Idan tarihin wuri a zagaye shida ya zama 010010, to mun tabbata dabbar tana nan, kuma sifirai huɗun da ke ciki kuskurewa ce zalla, don haka yiwuwarsa ita ce ψp²(1−p)⁴. Idan kuwa tarihin 000000 ne, sai a haɗa hanyoyi biyun: ψ(1−p)⁶ + (1−ψ). Na ce mata wuraren da aka ga dabbar aƙalla sau ɗaya su ne ke koya mana yawan kuskurewar kyamara, sannan a ɗauki wannan sanin a auna wuraren da ba a ga komai ba.

Da yake ba ta gama tantance hotunanta ba, na ƙirƙiro alkaluma na misali a kan allo domin ta ga yadda lissafin yake tafiya. A ce kyamarori 60 ne, kowacce ta yi kwana 42, an yanka su zagaye 6 na kwana bakwai-bakwai. An ga gada a wurare 24, kuma a waɗannan wurare, cikin zagaye 144, an gan ta a zagaye 39. Lissafinta na farko zai ba da 24 cikin 60, wato 0.40. Wanda ya yi gaggawa zai ce p ita ce 39 cikin 144, kusan 0.27, amma wannan ya yi yawa, domin an fitar da shi ne daga wuraren da aka yi dacen ganin dabbar kaɗai, an bar waɗanda take ciki amma duk zagaye shidan suka kuskure ta. Samfurin yana gyara wannan, kuma da waɗannan alkaluma yana ba da p kusan 0.20. Daga nan yiwuwar a kuskure gada a duk zagaye shida ita ce 0.8 a ninka ta da kanta sau shida, kusan 0.26, yiwuwar a gan ta aƙalla sau ɗaya kuma ta zama kusan 0.74. Idan aka raba 0.40 da 0.74, ψ ta kama kusan 0.54. Ma'ana, cikin wurare 36 da suka fito da sifiri daga farko har ƙarshe, ana sa ran takwas zuwa tara suna da gada, kuma kowane ɗayansu yana da yiwuwar kusan 0.24 ta kasancewa dabbar tana cikinsa.

A nan ne ta tambaye ni: “Malam, to kyamarar da batirinta ya ƙare bayan mako biyu fa? Na cike sauran makonnin da sifiri.” Wannan ita ce ɓarnar da na fi gani a irin wannan aiki, kuma ba ta bayyana a sakamako sai an neme ta. Sifiri yana nufin kyamara ta yi aiki ba ta ga komai ba, zagayen da kyamara ta mutu kuwa ba a sa ido ba sam, don haka NA ake rubutawa, wato alamar babu bayani. Da alkaluman allon, wurin da aka sa wa ido zagaye biyu kacal ba a ga komai ba yana da yiwuwar kusan 0.43 ta kasancewa da gada, amma idan aka cusa masa sifirai huɗu na ƙarya sai ta faɗo 0.24. Hanyar gane ranar da kyamara ta tsaya ita ce duba kwanan watan hoto na ƙarshe da ta ɗauka, ko da na ciyawa ne da iska ta kaɗa, shi ya sa ake saita kyamara ta ɗauki hoto ɗaya a wani lokaci tsayayye kowace rana. Idan kuma ta yi kwana uku kawai cikin bakwai na wani zagaye, ba a jefar da zagayen, sai a saka adadin kwanakin aikin cikin abubuwan da ke tasiri kan p. Duk wannan dole ya fito a babin, domin mai karatu ba zai iya gano shi daga teburin sakamako ba.

Bayan azahar muka koma kan tsawon zagaye, wanda mai bincike ne ke zaɓarsa, kuma ya wajaba ya faɗi dalili. Yiwuwar 0.20 a mako tana daidai da kusan 0.03 a rana. Idan aka mai da kowace rana zagaye, jadawali zai cika da sifirai, kuma gadar da ta yini tana kiwo kusa da kyamara za ta bayyana yau da gobe da jibi, abin da ke karya sharaɗin cewa ganin wannan zagaye bai dogara da na wancan ba. Idan aka tsawaita shi zuwa mako uku, zagaye biyu kawai za su rage, waɗanda ba za su wadatar wajen kiyasta p da kyau ba. Shawarata ita ce ta zaɓi tsawon tun kafin ta ga sakamako, sannan ta sake lissafin da kwana biyar da kwana goma ta nuna ko ψ ta motsa.

Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne ma'anar ψ kanta. Samfurin yana ɗauka cewa a tsawon binciken wurin da ke da dabba bai rasa ta ba, wanda ba shi da ita kuma bai samu ba. Wannan ya fi sauƙin karɓa idan wurin tafki ne ana neman kwaɗi, amma kyamara 'yan mitoci kaɗan take gani a gabanta, kuma babu dabbar da ke zaune dindindin a wannan ɗan fili. Idan shige da ficenta a gaban kyamara ba ya bin wani tsari, kiyasin yana nan daram, sai dai fassararsa ta canja: ψ ta zama yiwuwar dabbar ta yi amfani da wurin a cikin kwana 42, p kuma ta haɗa abu biyu, kasancewarta kusa a wannan makon da kuma kama ta da kyamara ta yi. Idan kuwa tafiyar ta bi tsari, kamar dabbobi su ƙaura gaba ɗaya saboda ruwan sha ya ƙafe a tsakiyar binciken, to kiyasin ya karkace, kuma maganinsa shi ne a taƙaita lokacin. Efford da Dawson sun nuna a 2012 cewa a daji mai shimfiɗa ba tare da iyakoki ba, abin da ake kiyastawa ya dogara da yawan dabbobi da kuma faɗin yankin da kowace ke yawo a ciki. Saboda haka na hana ta rubuta cewa ψ ma'aunin yawan gada ce. Damisa ɗaya mai yawo da nisa tana iya bayyana a kyamarori da dama, ta sa ψ ta yi sama alhali dabba ɗaya ce, don haka sai a faɗi tazarar da ke tsakanin kyamarori, a kwatanta ta da faɗin yawon dabbar da ake nazari.

Kafin la'asar muka rubuta umarnin da za ta yi amfani da shi a manhajar R, da kunshin unmarked:

```r
library(unmarked)
umf <- unmarkedFrameOccu(y = y, siteCovs = wurare,
                         obsCovs = list(kwanaki = kwanaki))
m1 <- occu(~ kwanaki + hanya ~ ciyayi, data = umf)
```

Ɓangaren farko bayan alamar ~ na p ne, na biyu na ψ, kuma mutane da yawa suna juya su. Mun sa hanya a ɓangaren p saboda kyamarar da ke fuskantar turbar dabbobi ta fi kama su. Ciyayi kuwa ya jawo gardama, domin duhuwar ciyayi tana iya jawo gada, tana kuma iya tare idon kyamara, kuma idan aka sa ta a ɓangaren ψ kaɗai, tasirinta kan gani zai ɓuya a cikin tasirinta kan zama. Mun yarda ta gwada ta a ɓangarorin biyu ta kwatanta samfurorin da AIC, ma'aunin zaɓen samfurin da ya fi dacewa. Da wurare 60 kawai kamar na misalinmu, ban yarda ta wuce abubuwa biyu ko uku a ɓangaren ψ ba. Bambancin p tsakanin wurare da ba a saka a samfuri ba yakan ja ψ ƙasa, shi ya sa babin zai ambaci gwajin dacewa na MacKenzie da Bailey na 2004, wanda ake yi da mb.gof.test a kunshin AICcmodavg. Idan ĉ, wato ma'aunin da gwajin ke bayarwa na yadda bayanai suka fi hasashen samfuri warwatsuwa, ta haura 1 sosai, sai a faɗaɗa ma'aunin kuskure a koma QAIC, wato AIC da aka gyara da ĉ.

Na kuma nuna mata alamar da za ta gane samfuri ya gaza ko da manhajar ba ta yi ƙorafi ba: ψ ta manne kusa da 1, p ta yi ƙasa ƙwarai, tazarar amincewa kuma ta miƙe kusan daga 0 zuwa 1. Hakan yakan faru idan yawancin wuraren da aka ga dabbar sau ɗaya tak aka gan ta, sai samfurin ya kasa bambanta dabbar da ke ko'ina amma mai wuyar gani da wadda ke wurare kaɗan. Ta ce akwai nau'in dabbobi biyu a hotunanta da take jin haka za su fito, muka yanke cewa a kansu za ta ba da adadin wuraren da aka gan su kawai, ta bayyana dalili. Ya rage mata ta sake duba hotunan dare da ta yi shakkar ko gada ce ko wata dabba mai kama da ita, domin samfurin yana ɗauka cewa kowace lamba 1 da ke jadawali gaskiya ce, kuma hoto guda da aka yi kuskuren suna a kansa yana mai da wuri mai sifiri wurin da aka tabbatar. Waɗanda ba ta iya tantancewa ba za ta cire su, ta rubuta adadinsu a babin, sannan ta turo mini sabon daftari ranar Litinin.