Tallar fitilar sola da na fassara sau biyu

Aikin da ya gyara min hannu a fassara wata takardar talla ce ta fitilar sola, irin wadda ake biya kaɗan-kaɗan ɗin nan. Wani kamfani ya kawo ta shagon ɗab'in da nake aiki a Sabon Gari, shafi biyu cike da Turanci, suka ce Hausa suke so don dattawa za a raba wa, 'yan fansho da masu gidaje a cikin birni da Tudun Wada. Ni kuma lokacin ina ganin amanar fassara ita ce kar in bar kalma ko ɗaya a baya, sai na bi ta layi-layi, na gama na ga ta ƙaru ta kusa kai shafi uku, na rage girman rubutu don ta shiga.

Da yamma na kai wa Kawuna, tsohon malamin firamare ne, yana zaune kan tabarma a zaure bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya nesanta takardar ya kuma matso da ita, ya karanta layin farko a fili: "Ka yi bankwana da duhu, ka rungumi shekarunka na zinariya da kwanciyar hankali a tafin hannunka." Ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, me ake sayarwa ne?" Na ce fitila ce Kawu. Ya ce "To ina fitilar?" Wallahi sai da muka kai sakin layi na huɗu kafin kalmar fitila ta fito, kuɗinta kuwa yana can ƙasan shafin ƙarshe.

A nan na gane tsarin takardar ma sai an fassara shi. Tallar Turancin ta fara da lallashi da zuga, tana ta gina sha'awa kafin ta nuna kayan, shi kuwa dattijo yadda yake ciniki a kasuwa haka yake karatu, mene ne, me yake yi, nawa ne, yaya ake biya, in ya lalace wa zan kama. Da na koma sai na ajiye Turancin gefe, na karanta shi sau biyu na rubuta abubuwan da ya faɗa na zahiri a wata takarda daban, sai ga su guda bakwai kacal a cikin shafi biyun nan. Sauran duk maimaici ne da kwalliya. Da waɗannan bakwai ɗin na sake rubutawa bisa jerin tambayoyin Kawu, na buɗe da sallama da cewa ga fitila mai caji da hasken rana, ƙwai uku, tana kuma cajin waya.

Sai maganar ka da ki da ku. Turanci kalma ɗaya yake kiran kowa da ita, mace ko namiji, yaro ko babba, ni kuma na zuba "ka" tun daga sama har ƙasa, ka saya, ka yi sauri, kar ka bari ta wuce ka. Kawu ya ce wannan ai kamar ana aiken yaro ne, kuma Inna da ita ce za ta fi amfani da fitilar a kicin an fitar da ita daga maganar gaba ɗaya. Na mayar da su "ku", a wajen bayanin yadda ake amfani kuma na koma "a": a sa faranti inda rana ke bugu, a goge ƙura. Umarnin gaggawar nan ma na sassauta shi, na rubuta ranar da rangwamen zai ƙare kawai, wanda ke so ya san lissafinsa. Shekarun zinariya kam na cire su ɗungurungum, don da na gwada "sauran rayuwarku" sai na ji kamar ina tuna wa mutum kabari a takardar talla.

Inda na fi daɗewa shi ne kuɗi. Turancin ya ce a fara biyan kashi 20 cikin 100, sauran a biya cikin tsari mai sauƙi na wata 12. Na fassara shi haka, daidai ne, amma ba wanda zai tsaya yana buga lissafi a zaure. Kuɗin fitilar naira 60,000 ne, to kashi 20 ya kama naira 12,000, saura 48,000, a raba gida 12 ya zama 4,000 duk wata. Haka na rubuta shi: za ku ba da kafin alƙalami naira 12,000, sannan naira 4,000 duk wata har wata 12, jimla naira 60,000. Kawu na gani ya jefo tambayar da Turancin bai ma tuna da ita ba, "Akwai ruwa a ciki?" Wannan ba abin da zan amsa da ka ba ne, don in na rubuta babu kuɗin ruwa alhali akwai, na sa musulmi cikin abin da yake gudu da hannuna. Na kira masu kayan, suka ce wanda ya biya lakadan farashinsa daban ne, ƙasa da haka, na roƙe su a sa farashin biyu gefe da gefe mutum ya gani ya zaɓa, ko ya je ya tambayi malaminsa. Sun ɗan ja kafin su yarda, amma sun yarda.

Akwai kuma inda sassautawa ke zama ƙarya, kuma na kusa faɗawa. Turancin ya ce fitilar tana iya kaiwa har awa 8, ni don jimlar ta yi daɗi na rubuta tana kwana tana ci. A ƙaramin rubutun ƙasa kuwa an ce awa 8 ɗin sai in batir ya cika kuma an sa ta a ƙaramin haske. Duk wanda ya yi hunturu a Zariya ya san yadda hazo da ƙura ke rage cajin faranti, to dattijon da aka ce wa tana kwana, ta mutu masa ƙarfe ɗaya na dare, maƙaryata zai kira mu kuma da gaskiyarsa. Na dawo da "tana iya kaiwa awa 8 in ta yi caji sosai kuma an rage haske", na ɗauko shi daga ƙasa na sa shi kusa da alƙawarin. Kwalliya nake da damar zubarwa, adadi da sharaɗi da garanti kam ba na taɓa su, kuma kafin a buga sai na zauna da mai kayan na faɗa masa da Turanci abin da Hausar ta ce da abin da na cire, ya sa hannu.

Kalmomi kuma na bi bakin mutane, sola, batir, caji, garanti, ban ƙirƙiro wata doguwar Hausa da ba mai faɗa ba. Irin su Kawu sun tashi da Hausar Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara a 1939 kuma a nan Zariya aka yi ta buga ta, ga rediyon Kaduna kullum a kunne, shi ya sa jimlar da Turanci ke kwance a ƙarƙashinta ba ta ɓuya musu. Kuma ƙ da ɗ da ɓ sai na duba su a samfurin farko, don wani salon rubutun ba shi da su, sai su fito kamar akwati.

Ta biyun shafi ɗaya ta tsaya, da manyan baƙaƙe. Na ce Kawu ya sake karantawa a fili, ni ina riƙe da biro, duk inda ya tsaya ko ya koma baya in yi alama. Wuri biyu ya tsaya, ɗaya jimla ce mai tsawo na raba ta biyu, ɗayan kuma garanti ne, ya ce shekara 2 ɗin daga ranar da aka saya ake ƙirgawa ko daga ranar da aka gama biya. Washegari na sake kiran kamfanin, suka ce daga ranar saye ne, na ƙara layin kafin a kai wa mai inji.