Ashe magani ɗaya nake ta sha da suna uku

Hunturun bara ne mura ta kwantar da ni, irin wadda ke zuwa da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, ga ƙurar Kasuwar Bacci da muke shaƙa tun safe har magariba. Ni ɗinki nake yi, kuma a lokacin akwai ɗinkin biki a hannuna, to babu zancen kwanciya. Da safe na biya wani kemis a layinmu nan Tudun Wada na ce a ba ni Panadol kati ɗaya da maganin mura, aka ba ni. Da na isa shago wani maƙwabcina ya ga ina ta murza kafaɗa sai ya zaro wani kafso daga aljihu ya ce wannan na ciwon jiki ne, in na sha sai na manta ina da baya. Na aika yaron shago ya sayo min irinsa.

Ga yadda na tsara wa kaina, ba likita ba kowa. Panadol biyu safe, biyu rana, biyu dare. Maganin mura ɗaya-ɗaya shi ma sau uku. Kafson nan ɗaya safe ɗaya dare. A lissafina magani uku nake sha na ciwo uku, kowanne da launin kwalinsa da hoton da ke jiki, ɗaya mutum ya dafe kai, ɗaya yana atishawa, ɗaya ya riƙe ƙugu. Kwana biyu cur ina haka.

Ran na uku da yamma ɗiyar yayana ta zo gaishe mu, ita ta karanta harkar haɗa magunguna a ABU Zariya, yanzu tana aiki a nan Kaduna. Ta tarar da ni a tsakar gida na baje su kan tabarma ina shirin watsawa. Ta ce "Baffa, duk waɗannan kake sha?" Na ce eh mana, ai kowanne da aikinsa. Ba ta ce komai ba ta ɗauki kwalayen ta jera su, ta kunna fitilar wayarta don magariba ta kawo jiki, ta ce in bar kallon babban rubutun nan mai kala, in dubi ɗan ƙaramin da ke ƙarƙashinsa.

Na Panadol ɗin an rubuta Paracetamol 500mg. To wannan ban yi mamaki ba sosai. Ta juya kwalin maganin mura ta gefe, ta ɗora farcenta kan wani layi da ya fara da Each tablet contains, ta ce duk kwalin da ka ɗauka wannan layin za ka nema, ma'anarsa abin da ke cikin kowace ƙwaya. Sunaye uku ne a jere a ƙasa, na farko kuwa Paracetamol 500mg, sauran biyun su ne na toshewar hanci da na atishawa. Kafson ma haka, Ibuprofen a sama, sai Paracetamol 325mg, sai Caffeine. Wallahi sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa.

Ta karɓi biron da nake rubuta awon mutane da shi ta yi lissafin a bayan kwalin. Panadol shida, miligiram 3000. Na mura uku, 1500. Kafso biyu, 650. Jimla 5150 a rana ɗaya. Ta ce babba mai cikakkiyar lafiya iyakarsa 4000 a awa 24, kuma a sha ɗaya kar ya wuce 1000, sannan a bar aƙalla awa huɗu tsakani. Ni kuwa da safe kaɗai 1825 nake haɗiyewa da kofin koko. Ta ƙara da cewa 4000 ɗin ma ba na kowa ba ne, wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta ko tsoho da ya rame, nasu ƙasa da haka ne.

Na ce to ai ga ni garau, har ciwon ma ya yi sauƙi. Nan ne fa ta canza fuska. Ta ce "Baffa, shi farasitamol hanta yake taɓawa, kuma abin da ya sa ake tsoronsa shi ne da farko mutum ba ya jin komai, in ya ji ma ɗan tashin zuciya ne da zai ɗauka na murar ne. Sai bayan kwana biyu uku a fara ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, a lokacin kuwa an makara da yawa." Ta hana ni shan na daren, ta matsa sai mun je asibiti a daren nan da kwalayen a leda. Na so in yi gardamar tsofaffi, uwargida ta sa baki, haka muka tari Keke Napep. Likita ya tambayi nawa na sha, ƙarfe nawa, kwana nawa, aka ɗebi jini aka duba hanta. Alhamdulillahi ba ta taɓu ba, ya ce in bar farasitamol gaba ɗaya na ɗan lokaci. Abin da na lura shi ma likitan ko kallon manyan sunayen bai yi ba, kai tsaye ya juya gefen kwali.

Daga baya ta zaunar da ni ta yi min bayanin abin a tsanake. Galibi kwalin magani suna biyu gare shi. Ɗaya na kamfani ne, sunan da suka raɗa don kasuwa, shi ake rubutawa ɓaro-ɓaro, sau da yawa da ɗan harafin R a cikin da'ira ® ko TM a saman ƙarshensa. Ɗayan kuma sunan sinadarin da ke aikin ne, wanda kusan duk duniya an yarda a kira shi da shi ko wane kamfani ya yi, kuma alamarsa ita ce kusan kullum akwai lamba a gabansa da mg. Na ce ashe kamar shadda ne, kowa da tambarin da ya manna a leda amma mai ɗinki yadin yake taɓawa. Ta yi dariya ta ce to haka, sai dai a magani ba a taɓawa a gane, dole a karanta. Wani kwalin kuma ba shi da sunan talla ko kaɗan, sunan kamfani ne kawai sai sunan sinadari, kamar Emzor Paracetamol, wannan ai ya sauƙaƙa wa mutum.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ruɗa ni da na samu na tambaye ta ranar. A wasu kwalaye za ka ga Paracetamol BP 500mg, ni duk zamana na ɗauka BP ɗin nan na hawan jini ne, har na taɓa hana Hajiyarmu shan wani don ita nata jinin ba ya hawa. Ashe ba ruwansa da jini, gajarta sunan littafin ƙa'idar haɗa magani ne na Ingila, ana nufin sinadarin ya cika ma'aunin can. In ka ga USP na Amurka ne. Shi ke nan fa. Haka sunayen da ake jerawa can ƙasa ba lamba a gabansu irin su Starch da Lactose, waɗannan kayan ɗaure ƙwaya ne ba su ne maganin ba. Lambar NAFDAC kuma tana nuna an yi wa maganin rajista, amma ba za ta gaya maka cewa abin da ke wannan kwali shi ke wancan ba.

Na ɗauka na gama iya karatu, sai damina ta nuna min da saura. Uwargida ta yi zazzaɓi, aka gwada jini aka ce maleriya ce, aka rubuta mata Coartem. Na je kemis babu shi, mai shagon ya miƙo min wani da sunan da ban taɓa ji ba ya ce ɗaya ne. Da can sai in ce a'a wanda likita ya rubuta nake so, in kama yawo daga Tudun Wada har Kawo. Wannan karon na juya kwali na ga Artemether da Lumefantrine, na kira ɗiyar tawa na karanto mata harafi-harafi, ta ce eh sinadaran Coartem ke nan, amma lambar fa? Na ce 80 da 480. Ta ce to tsaya, a da wanne ta saba sha? Na tuna irin mai ƙwaya 24 ne, wanda babba ke shan huɗu-huɗu sau biyu a rana kwana uku. Ta ce wancan kowace ƙwaya 20 da 120 ce, shi ya sa ake shan huɗu. Wannan na hannunka ƙwaya ɗaya ta ɗauke huɗun, shida ne kawai a kwalin, ɗaya-ɗaya za ta sha. Da ban karanto lambar ba, na san halin gidana, huɗu za ta ɓare kamar yadda ta saba. Kuma ta tuna min a sha shi da abinci mai maiƙo ko madara don jiki ya fi ɗaukarsa.

Ta dai ja min kunne kan wuri ɗaya, ta ce kar karatun kwali ya sa in zama likitan unguwa. In an ga wasu haruffa a bayan suna kamar SR ko XR, wannan ƙwaya ce mai sakin magani a hankali, ko da sinadari da lamba sun zo ɗaya ba a musanya ta da ta gama-gari, ba a kuma farfasa ta. Maganin farfaɗiya da na zuciya da na suga kuwa, ko kamfani za a canza a fara tambayar likita ko mai haɗa magani.

Inda abin ya fi wahala shi ne sayen ɓare, a yanko maka ƙwaya huɗu daga kati da almakashi a ƙulla a leda, kwali babu. Galibi akwai sunan sinadarin a bayan katin a jikin takardar gwangwanin nan, amma almakashi kan raba shi biyu ka ga cetamol kawai ko rabin lamba. Yanzu in zan sayi ɓare sai na ce a nuno min kwalin na ɗauki hotonsa a waya. Wani mai kemis har ya taɓa ce min Alhaji ko ka fara aikin NAFDAC ne.

Kwanan baya ƙanina da ke Amurka ya aiko wa Hajiya Tylenol a roba, ya ce na ciwon gwiwa ne mai kyau irin na can. Na juya robar ban ga Paracetamol ko'ina ba, Acetaminophen 500mg na gani, har na ce to wannan kam wani abu ne daban, ta iya haɗawa da nata na nan. Allah ya sa na tura wa ɗiyar tawa hoton kafin nan. Ta maido da saƙon murya tana cewa Baffa shi ne dai, Amurkawa haka suke kiran farasitamol. Na ɗauko makar da muke zana yadi na rubuta FARASITAMOL da manyan baƙi a murfin robar, na kwashe katin Panadol ɗin da ke ƙarƙashin filon Hajiya na tafi da shi gida.