Yadda na koyi gode wa uwar mijina a Sakkwato

Ni Bazabarma ce daga Doso, aure ya kawo ni Sakkwato ta hanyar Gaya da Kamba. Na zo da Hausar kasuwa, wadda ta ishe ni sayen albasa amma ba ta ishe ni zama da surukai ba.

Cikina na fari ya tsufa a 2023, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, don haka ban samu zuwa gida wanka ba. Uwar mijina, wadda duk gida ke kira Inna, ita ta ɗauki nauyin jegona. Tun asuba take hura wuta, ta tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, ta yi mini wanka, ta dama kunun kanwa, har muka yi arba'in. Wata safiya zuciyata ta cika, na dubi idonta na ce, "Inna, ina son ki." Ta kau da kai, ta ce bari ta duba wuta.

Abin ya tsaya mini a rai, sai ƙanwar mijina ta zaunar da ni. Ta ce Inna ba fushi ta yi ba, kunya na ba ta. Kalmar so kai tsaye ta miji da mata ce, ko uwa da ƙaramin ɗanta. Ga kuma "ki" da na yi mata kamar tsarata, ga kallon ido. Suruka "ku" ake ce mata, ko a sakaya da "an": an tashi lafiya, an sha aiki. Mu ma a Doso muna kunyar surukai, sai dai ban san inda kunyar take zama a cikin Hausa ba.

Na lura a gidan nan ƙauna cikin addu'a ake naɗe ta. Ranar da na gama wanka na durƙusa a bakin ƙofarta, kaina ƙasa, na faɗa da irin Sakkwatancinta: "Inna, Allah shi saka muku da Aljanna, shi bar muna ku. Ban yi maraicin uwa ba a gidan ga." Ta yi ta jera amin, ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Ran nan ta fara kira na haka.

Da amsarta nake gane inda na tsaya. In ta mayar da addu'a, na yi daidai. In ta sauya zance ko ta miƙe, na zaƙe. Baba kuwa, uban mijina, ko wannan ya yi masa yawa: gaisuwa daga nesa, "Allah shi ƙara girma," sai in aika masa fura ta hannun yaro.

Yanzu in Inna ta dawo daga tafiya nakan ce, "Gida ya yi shiru da ba ku nan." Ita kuma ta koyi "fofo" namu na Zabarmanci, tana yi mini sannu da shi in na kai mata tuwo.